Yadda Ake Tace Ɗanyen Rubutun Taron Awa Guda Ya Koma Minit, Ba Tare da Matsaya Ko Ɗaya Ta Salwanta Ba

An tashi daga taro, an turo maka sautin da aka naɗa, tare da rubutun da aka kwafo daga cikinsa. Ka buɗe, sai ka tarar da shafi ashirin da wani abu: wannan ya katse wancan, wani ya fara jimla bai ƙarasa ba, an yi dariya, an yi gardama, an bar magana an sake dawowa kanta. Maganar awa guda takan kai kalma 8,000 zuwa 10,000. Minit ɗin da ake jira daga hannunka kuwa bai kamata ya wuce shafi ɗaya da rabi zuwa biyu ba, wato kalma 600 ko 700. Ke nan a cikin kowace kalma goma sha biyar, sha huɗu zubar da su za ka yi.

Zubarwar ba ta da wuya. Abin da ke da wuya shi ne kada matsaya ta bi shara. Na daɗe ina wannan aiki, kuma abin da ya zauna mini shi ne: wanda ya fara taƙaitawa daga layin farko yana gangarowa, lalle sai ya yi asarar wani abu. Hanyar da nake bi ita ce in fara tsamo duk abin da aka yanke, in jera shi a takarda daban, in tabbatar da shi da kunnena, sannan in gina minit ɗin a kansa. A wannan rubutu, in na ce "minit" ina nufin takardar bayanin taro, in na ce "minti" ina nufin na agogo.

Abubuwan da za ka tanada

Na farko shi ne sautin asali. Rubutun kaɗai bai isa ba, ko manhaja ce ta fitar da shi ko mutum ne ya buga, domin duka biyun suna kuskure, kuma kuskuren ya fi faɗawa kan ƙananan kalmomin da ma'ana ta rataya a kansu.

Na biyu, ɗanyen rubutun, kuma ka nemi mai alamar lokaci, irin `00:14:32` a farkon kowace magana. Fayil mai ƙarewa da `.srt` ko `.vtt` yana ɗauke da lokaci, kuma kowace manhajar rubutu tana buɗe shi. In wanda aka ba ka babu lokaci a jiki, ka kunna sautin, ka riƙa tsallakawa minti biyar-biyar kana neman wurin a rubutu kana sa lokacin da hannunka. Alama goma sha biyu ke nan, aikin kwata ɗin awa, kuma zai biya ka.

Sai ajandar taron, jerin waɗanda suka halarta da muƙamansu, minit ɗin zaman da ya gabata, da duk wata takarda da aka raba a wurin. In ba a yi ajanda ba, kai za ka fitar da ita daga karatun farko. In babu jerin mahalarta, ka tambayi shugaban taron tun kafin ka fara, kada ka dogara ga muryoyin da ka ji, domin wanda ya zauna shiru har aka tashi shi ma ya halarta.

Kana buƙatar manhajar sauraro da za ka iya rage mata gudu ko ka yi tsalle zuwa wani lokaci. Ni VLC nake amfani da ita a kwamfuta: `Ctrl+T` na kai ka daidai lokacin da ka rubuta, `Shift` tare da kibiyar hagu na mayar da kai baya daƙiƙa uku, `[` na rage gudu, `]` na ƙara shi. Ka sa abin sauraro na kunne. Lasifikar kwamfuta na haɗiye maganar wanda ya zauna nesa da makirfo. Daga ƙarshe, manhajar rubutu mai iya bincike da shafa launi. In a takarda ka fi sakewa, ka buga rubutun, ka nemi alƙalami kala uku.

Ka ware awa uku a karon farko. In hannu ya faɗa, awa ɗaya da rabi zuwa biyu ta isa. Kuma ka yi aikin ran da aka yi taron ko washegari, tun kana tuna wanda ya gyaɗa kai da wanda ya ɗaure fuska.

1. Ajiye asali, ka yi aiki a kan kwafi

Ka kwafi fayil ɗin, ka bar na asali kada ka taɓa shi. A cikin kwafin, ka maye gurbin alamomi irin `Speaker 1` da muƙami ko sunan mai maganar ta hanyar `Ctrl+H`. Ka haɗa da ɗigo biyun da ke bayan lambar, wato `Speaker 1:`, in ba haka ba zai kama `Speaker 10` da `Speaker 11` ya lalata su. Ka sani kuma manhaja takan raba mutum ɗaya gida biyu, ko ta haɗa mutum biyu masu kama da murya ta mai da su ɗaya. Kada ka tsaya gyara wannan ko'ina. Inda aka yanke wani abu kaɗai ya dame ka.

Kada ka gyara rubutun kalmomi, kada ka goge "eh to" da "ka gane ko". Sabon shiga yakan kashe awa biyu yana share rubutun da ba wanda zai karanta.

2. Karanta sau ɗaya, ka yanka shi bisa ajanda

Karanta daga farko har ƙarshe ba tare da ka taƙaita komai ba. Aikinka a nan ɗaya ne: duk inda batu ya canja, ka ja layi ka rubuta lambar batun a gefe. Za ka ga taro ba ya bin ajanda kamar yadda aka rubuta ta. Batu na 2 zai bayyana a minti na 10, ya ɓace, ya sake ɓullowa a minti na 47 a tsakiyar wata magana daban. Duk inda aka dawo kan tsohon batu, ka sa masa babbar alama. A irin wuraren nan ne ake warware abin da aka ɗaure ɗazu.

3. Farautar matsaya

Nan ne zuciyar aikin, kuma nan ya kamata ka fi daɗewa. Ka sake bin rubutun da launi uku: ɗaya na abin da aka yanke, ɗaya na aikin da aka ɗora wa wani, ɗaya na abin da aka bari a buɗe. A wannan zagaye ka yi hannu sake. Duk abin da ya yi kama da matsaya ka shafa masa launi, tacewa na nan tafe. Gara ka tara talatin ka zubar da ashirin, da ka tara takwas alhali goma ne.

Matsayar da aka bayyana ƙarara ba ta ɓata. In wani ya gabatar da ƙuduri, wani ya mara masa baya, aka ɗaga hannu, aka ƙirga, kowa zai gan ta. Waɗanda ke zillewa su ne waɗanda aka yanke da bakin yau da kullum. Shugaba ya ce "to shi ke nan", ko "a tafi a haka", ko "mu bar shi yadda ta faɗa", sai aka wuce. Ka yi amfani da `Ctrl+F` ka nemi irin waɗannan: *shi ke nan, an amince, mun yarda, ba laifi, a bar shi, a ɗage, a fasa, sai dai, amma, in har, kafin, zan, za ta, zai*. Ka nemi sunayen ranakun mako da na watanni su ma. In ana cakuɗa harshe biyu a taron, ka nemi takwarorinsu a ɗaya harshen. Binciken nan taimako ne kawai, ba ya maye gurbin karatu, domin manhajar na iya rubuta kalmar ba daidai ba.

Akwai iri huɗu da na ga sun fi salwanta. Ta farko ita ce matsayar shiru. Shugaba ya ce "akwai mai ja?", ba wanda ya tanka, ya ce "batu na gaba". A rubuce ba za ka ga komai ba sai tambaya da sabon batu, domin shiru ba ya fitowa a rubutu, alhali an yanke magana. Ta biyu ita ce matsayar ƙin yi: an tattauna sayen wani abu, aka ce a'a. Da yake babu aikin da ya biyo baya, sakatare yakan ɗauka ba abin rubutawa, sai bayan wata uku wani ya sake tayar da maganar kamar ba a taɓa yi ba. Ɗage batu zuwa wani zama ma matsaya ce, kuma a rubuta zuwa yaushe. Ta uku ita ce mai sharaɗi: an yarda, amma in kaza ya faru. In sharaɗin ya faɗi a hanya, ka rubuta abin da ba a yanke ba. Ta huɗu ita ce wadda aka sauya daga baya, kuma ita ce ta fi cizo, zan nuna ta a ƙasa.

A ɗaya gefen kuma akwai abin da ya yi kama da matsaya amma ba ita ba ce. Mutum mai ƙarfin murya ya ce "wallahi dole a yi kaza", ya maimaita sau uku, ba wanda ya amsa, aka shiga wata magana. Wannan ra'ayinsa ne. Gwajin da nake yi shi ne in tambayi kaina: wa ya rufe maganar? In mai ikon rufewa ya rufe ta, ko aka ƙirga ƙuri'a, ko aka nemi mai ja ba a samu ba, matsaya ce. In ba ɗaya daga cikin ukun, launin "a buɗe" ya dace da ita.

4. Buɗe rajistar matsaya

Ka buɗe sabon shafi, ka zana jadawali mai gida shida: lamba, lokaci a sauti, batun ajanda, abin da aka yanke, wanda zai aiwatar, da wa'adi. Duk abin da ka shafa wa launin matsaya ko na aiki, ka ba shi layi guda. A gidan "abin da aka yanke" ka kwafo kalmomin mai maganar yadda suke tukuna, kada ka gyara. In ba a ambaci mai aiwatarwa ko wa'adi ba, ka rubuta "ba a faɗa ba". Kada ka cike gurbin da abin da kake ganin ya dace. Sau da yawa "za a tura wasiƙa" ke nan aka ce, kowa ya tashi yana zaton wani ne zai tura, kuma gurbin da ka bari fili shi ne zai tona wannan.

5. Koma ga sauti, amma ba duka ba

Ba sai ka saurari awa gudan ba. Kowane layi na rajista, ka je lokacinsa, ka fara daga daƙiƙa talatin kafinsa, ka saurara har minti ɗaya bayansa. Layi goma sha biyar zai ci maka kamar minti ashirin da biyar. Inda rubutun ya nuna `[inaudible]` ko ya zama shirme, nan ma ka saurara, domin galibi wurin da mutane suka yi magana a tare ne, kuma mutane sun fi yin haka a daidai lokacin da ake yanke magana.

Ga abin da kunnenka zai nema. A Hausa, tsakanin shawara da matsaya wani lokaci harafi ɗaya ne. "A amince da na biyu" roƙo ne, wani ke ba da shawara. "An amince da na biyu" hukunci ne. Haka "a tura" da "an tura", "mu yarda" da "mun yarda". Wannan *n* ɗin yakan narke a bakin mai saurin magana, kuma mai kwafa, mutum ko manhaja, yakan sa ta inda babu ko ya cire ta inda take. Sai *ba* ta korewa: "ba za a saya ba" in *ba* ta farko da ta ƙarshe suka faɗi a cikin tari ko motsin kujera, abin da zai rage shi ne "za a saya", kishiyar abin da aka ce. Sai lambobi: *biyu* da *biyar*, *talatin* da *tamanin*, *Talata* da *talatin*. Kowace lamba, kowace rana, kowane suna da zai shiga minit, sai na ji da kunnena. In akwai takardar da aka raba, in gwada da ita.

Ka saurari minti biyun ƙarshe gaba ɗaya, har inda sautin ya yanke. Mutane na tattara takardu suna cewa "af, kafin mu tashi".

6. Bi kowace matsaya har inda ta tsaya

Ga misali daga irin zaman da na saba rubutawa: kwamitin gudanarwa na mutum bakwai, minti 62, ajanda huɗu, wato minit na baya, ranar babban taron shekara, gyaran rufin ɗakin ajiya, da sauran batutuwa. A batu na 2, rubutun ya nuna haka:

00:11:40 Sakatare: to ni dai ina ganin sha huɗu ga wata ya yi tunda ai zauren babu kowa ranar

00:12:15 Mamba: eh sha huɗu amma dai a duba

00:13:05 Shugaba: to shi ke nan sha huɗu mu je gaba

Wannan matsaya ce cikakkiya, shugaba ya rufe ta. Ta shiga rajista a layi na 2. Amma can a ƙarƙashin sauran batutuwa, ana cikin maganar na'urar buga takardu, sai ga wannan:

00:47:20 Ma'aji: yauwa af na manta mai binciken kuɗi fa ya ce rahotonsa ba zai kammala ba sai sha takwas

00:47:41 Shugaba: kai to ai ba a yin taron babu rahoto a mayar ashirin da ɗaya kawai

00:47:50 Mamba: zauren fa

00:47:55 Shugaba: sakatare ya tambaya gobe in babu kowa shi ke nan in da kowa sai mu yi waya akwai mai ja to na'urar nan

A cikin daƙiƙa 35 an soke ranar farko, an sa sabuwa, an rataya ta a kan sharaɗi, an ɗora wa sakatare aiki mai wa'adi, an kuma faɗi abin da za a yi in sharaɗin bai cika ba. Duk wannan a tsakiyar batun da ba nasa ba. Irin wannan ya taɓa samuna a farkon fara aikina: na rubuta ranar farko, aka aika takardun gayyata da ita, sai da aka sake bin mutane ɗaya bayan ɗaya ana ba su haƙuri. Tun daga ranar, bayan na gama rajista, nakan ɗauki babbar kalmar kowane layi, a nan "zaure", "taron shekara", "ga wata", in bincika ta daga wurin har ƙarshen rubutun, in ga ko an sake taɓa maganar.

In an sauya matsaya, kada ka goge tsohon layin a rajista. Ka ja masa layi a tsakiya, ka rubuta "an sauya, duba layi na 7". A minit kuwa, matsayar ƙarshe ce ke shiga, kuma a ƙarƙashin batun da ta shafa, ba inda aka faɗe ta ba. Mai neman ranar taro batu na 2 zai duba, ba zai leƙa sauran batutuwa ba.

A batun rufi kuma, ɗanyen rubutun ya ce: "an ba na biyu ya gama cikin sati uku". Da na saurara, abin da shugaba ya faɗa shi ne: "a ba na biyu, in zai gama cikin sati uku, in ba haka ba a dawo mana da maganar". Kalmar *in* ta faɗi, rabin jimlar ya bi hayaniya. Da na bi rubutun, da an ba ɗan kwangila aiki kai tsaye, alhali kwamitin bai yarda a ba shi ba sai ya ɗauki alkawarin wa'adi.

7. Yanzu ka rubuta minit ɗin

Ka rufe ɗanyen rubutun. Rajista da ajanda kaɗai za su kasance a gabanka. A sama ka sa sunan kwamiti, rana, wuri, lokacin farawa da na tashi, wanda ya shugabanta, mahalarta, da waɗanda suka ba da uzuri. In dokar ƙungiyar ta ƙayyade adadin da dole ya hallara kafin a yanke hukunci, ka rubuta cewa ya cika. In wani ya fita kafin a tashi, ka rubuta a wane batu ya fita, domin yana iya shafar ƙuri'a.

Ƙarƙashin kowane batu, ka fara rubuta matsayar, sannan ka ɗora mata jimla biyu ko uku na dalili a samanta. Ga yadda batu na 2 da na 3 suka fito:

*2. Ranar babban taron shekara. An fara tsayar da 14 ga wata, daga baya aka sauya saboda rahoton mai binciken kuɗi ba zai kammala ba sai 18 ga wata. Matsaya ta 2: Za a yi taron ranar 21 ga wata, muddin zauren babu kowa a ranar. In an riga an kama shi, mambobi za su tsayar da wata rana ta waya. Aiki: Sakatare zai tabbatar da zauren washegarin wannan zama.*

*3. Gyaran rufin ɗakin ajiya. An duba tayin 'yan kwangila uku. Na farko ya fi sauƙi amma bai haɗa da sauya katako ba. Matsaya ta 3: Za a ba ɗan kwangila na biyu aikin in ya amince a rubuce zai kammala cikin mako uku. In bai amince ba, batun zai dawo gaban kwamiti. Aiki: Ma'aji zai tuntuɓe shi. Ba a sa wa'adi ba.*

Maganar rufin nan ta ci minti 24 a taron, kusan kalma 3,500, ga ta ta koma layi huɗu. Abin da na zubar shi ne labarin yadda ruwa ya jiƙa takardu bara, gardamar wanda ya kawo ɗan kwangilar da ya yi aikin farko, da maimaicin ra'ayi ɗaya daga baki uku. Abin da na riƙe daga muhawarar shi ne dalili ɗaya da zai amsa tambayar wanda bai halarta ba: me ya sa ba a ɗauki mafi sauƙi ba? Wannan shi ne ma'aunina a kowane batu. Kalmomi "a rubuce" kuwa ban ƙara su da kaina ba, ma'aji ne ya faɗa, shugaba ya ce "haka ne", na ji a sauti.

A minit na gaske ka rubuta cikakkiyar rana da wata da shekara. "Gobe" da "mako mai zuwa" ba su da ma'ana ga wanda zai karanta bayan wata shida, sai ka juya su zuwa kwanan wata. Kada ka jingina ra'ayi ga mutum da suna, "an nuna damuwa cewa" ta wadatar, sai fa wanda ya gabatar da ƙuduri, wanda ya mara masa baya, wanda aka ɗora wa aiki, da wanda ya nemi a rubuta cewa bai yarda ba. In an yi ƙuri'a, ka sa adadin: masu goyon baya, masu ja, da waɗanda suka ƙaurace. Kalaman fushi ba su da wuri a minit. A ƙarshen takardar ka maimaita ayyukan duka a ƙaramin jadawali, aiki da mai shi da wa'adi, domin yawancin mutane shi kaɗai za su karanta.

8. Binciken komawa baya

Ƙirga layukan rajista da ba a soke ba, ka ƙirga matsaya da ayyukan da ke cikin minit. Dole adadin ya zo ɗaya. A misalin nan rajista ta tashi da layi 13: biyu na soke saboda an sauya su, uku suka zama ra'ayi ne kawai bayan na saurara, saura 8, wato matsaya biyar da aiki uku. A zubin farko bakwai na samu a minit. Wadda ta ɓace ita ce "ba za a sayi sabuwar na'urar buga takardu bana ba", matsayar ƙin yi, irin wadda na gargaɗe ka a kanta. Ƙirgar ce ta kamo ta.

Sannan ka buɗe kwafin da ka shafa wa launi, ka bi shi daga ƙarshe zuwa farko. Kowane wuri mai launi, ka nuna da yatsa inda ya sauka a minit, ko ka faɗi dalilin da ya sa ka bar shi. Ina farawa daga ƙarshe ne saboda a karatun farko hankali yakan gaji a shafukan baya, kuma can ne sauye-sauye suka fi taruwa.

9. Abin da bai fito fili ba, da abin da aka faɗa bayan an rufe

Wani lokaci za ka saurara sau biyar, ka rage gudu, amma ka kasa rabe ko an yanke ko ba a yanke ba. Kada ka yanke wa kwamiti. Ka aika wa shugaban taron tambaya gajera mai lokaci a jiki: "Ranka ya daɗe, a minti na 38 an yi maganar gyaran dokar ƙungiya. An ɗage ta zuwa zama na gaba ne, ko an miƙa wa ƙaramin kwamiti?" In shi ma bai tabbatar ba, ka rubuta gaskiyar abin da ya faru: an tattauna, ba a cimma matsaya ba, za a dawo da batun. Shugaba na da damar fayyace abin da aka yanke, amma ba shi da damar ƙirƙiro abin da ba a yanke ba. In ya nemi ka rubuta abin da sautin bai nuna ba, ka nuna masa lokacin cikin ladabi, ka ba da shawara a kai maganar zama na gaba.

Abin da aka faɗa bayan shugaba ya rufe taro ba matsayar taro ba ne, ko da na'ura na ci gaba da naɗa. In ƙaramin aiki ne, kamar a tura wa mambobi kwafin tayin 'yan kwangila, ka sa shi a saƙon da za ka raka minit ɗin da shi. In babban abu ne, ka sanar da shugaba a sa shi a ajanda ta gaba.

Ka rubuta "daftari" a saman takardar, ka aika wa shugaba, sannan mambobi, cikin kwana biyu. Daftari ne har sai zama na gaba ya amince da shi. Kafin nan kada ka goge sautin ko rajistar, ka ajiye su inda ba kowa ke shiga ba, domin a cikinsu akwai maganganun da masu su ba su yi don a yaɗa ba. In wani ya tashi a zama na gaba ya ce ba haka aka yanke ba, sai ka duba rajista, ka ga 00:47:55, ka kunna masa. Bayan an amince an sa hannu, ka bi ƙa'idar ƙungiyarku kan ajiye sauti ko goge shi, in kuma babu ƙa'idar, ka nemi kwamitin ya tsayar da ita a zaman.